Yadda wasannin dabarun yaƙi ke lissafa damar harbi, da dalilin da ya sa ake zarginsu da maguɗi

A cikin wasannin kwamfuta akwai wani rukuni da ake bugawa bi da bi, kamar dara ko darafta: mai wasa ya motsa sojojinsa a kan fili mai gidaje-gidaje, ya ba su umarni, sannan ya dakata abokan gaba su yi nasu. Inda suka sha bamban da dara shi ne, a dara idan an ci, an ci. A nan kuwa, kafin soja ya yi harbi ko ya kai sara, wasan yana nuna wata lamba a allo, misali kashi 85 cikin ɗari, wadda ke nufin damar da harbin yake da ita ta samun wanda aka nufa. Mai wasa ya danna, harbin ya kuskure, abokin gaba ya juyo ya kashe sojan da aka shafe sa'o'i ana renonsa. Daga nan ne zargin maguɗi yake farawa.

Zargin ya daɗe, kuma akwai ƙamshin gaskiya a cikinsa, sai dai ta wata fuskar da masu ƙorafin ba su zata ba. A fitattun wasanni biyu da aka fi bincika, XCOM 2 da jerin Fire Emblem, lambar da ake nunawa takan saɓa wa wadda na'ura ke aiki da ita. Amma saɓanin ya fi karkata ga taimakon mai wasa.

Inda lambar take fitowa

Lissafin yana da mataki biyu, kuma rikita su ne tushen ruɗanin. Na farko tarawa da ɗebewa ne, babu sa'a a cikinsa ko kaɗan. Na biyu ne kawai yake da sa'a.

A ɗauki XCOM 2, wanda kamfanin Firaxis ya fitar a 2016, inda mai wasa ke jagorantar 'yan tsirarun sojoji a yaƙi da halittun wata duniya da suka mamaye ƙasa. Kowane soja yana da makin saiti. Sabon soja yana farawa da 65. Wanda ake hari kuma yana da makin kariya, kuma mafi yawansa yana zuwa ne daga abin da ya laɓe a bayansa. Gajeriyar mafaka, irin ƙaramar katanga ko akwati, tana ba shi 20. Cikakkiyar mafaka, irin bango ko babbar bishiya, tana ba shi 40. Idan mai harbi yana sama, a kan rufin gini misali, ana ƙara masa 20. Nisa ma yana shiga, gwargwadon irin bindigar: wata tana samun ƙari idan an matso, bindigar maharbin nesa kuwa raguwa take yi idan abokin gaba ya kusanto.

```
dama = saiti + ƙari − kariya
```

To, a ce sabon soja ne a ƙasa, a nisan da bindigarsa ba ta samun ƙari, yana harin sojan abokan gaba na gama-gari da ke bayan bango. Za a ɗebe 40 daga 65, allo ya nuna 25. Idan gajeriyar katanga ce, 45. Idan sojan ya hau rufi, 45 ɗin ta koma 65. Idan kuma ya zagayo ta gefe, inda katangar ba ta tsakaninsu, mafakar ta tashi a banza, ya koma kan cikakken saitinsa, tare da ƙarin damar yin mummunan rauni. Duk wasan, in an duba, kokawa ce ta sauya waɗannan lambobi kafin a danna.

Mataki na biyu shi ne zaro lambar sa'a. Ana iya kwatanta shi da ƙwarya mai ɗauke da takardu ɗari, an rubuta 0 zuwa 99 a kansu. Na'ura ta zaro ɗaya. Idan dama 65 ce, duk takardar da lambarta ta gaza 65 nasara ce, sauran 35 ɗin kuma kuskure. Bayan haka takardar ta koma cikin ƙwarya, kuma ƙwaryar ba ta tuna abin da ta bayar a baya. Abin da ake gani a allo daga bisani, harsashi yana wucewa ta gefen kunnen abokin gaba ko yana bugun bango, zane ne da aka yi bayan an riga an yanke hukunci. Shi ya sa akan ga soja ya ɗora bakin bindiga kusan a fuskar abokin gaba ya kuskure shi. Ido yana ganin abin da ba zai yiwu ba, lissafi kuwa takarda kawai ya zaro.

Akwai wani abu a nan da ya jawo zargi mai yawa a XCOM: Enemy Unknown na 2012. Kwamfuta ba ta ƙirƙirar sa'a ta haƙiƙa. Tana fitar da jerin lambobi ne daga wata lambar tushe, kuma duk lokacin da aka fara da tushe ɗaya, jerin ɗaya ne zai fito. Wasan yana adana wannan tushe tare da matsayin da mai wasa ya ajiye. Saboda haka wanda ya kuskure harbin kashi 90, ya koma baya, ya maimaita komai daidai da yadda ya yi, zai sake kuskurewa, ko sau goma ya gwada. Ga wanda bai san dalili ba, wannan kamar kama ɓarawo ne da kaya a hannu. A gaskiya takarda ɗaya ce yake ta sake zarowa. An yi haka ne don hana mutane komawa baya har sai sa'a ta faɗo musu, kuma daga baya, a ƙarin Enemy Within na 2013, an sa wani zaɓi mai suna Save Scum ga masu son sabon jeri duk lokacin da suka koma.

Me ya sa lamba ta gaskiya take kama da ƙarya

Ko da babu wata ɓoyayyiyar dabara, zuciyar mutum ba ta karanta kashi yadda lissafi ke karanta shi. Mai wasa da ya ga 85 yakan ji a ransa cewa an gama. Lissafi kuwa cewa yake yi, a cikin harbi ashirin irin wannan, kimanin uku za su kuskure.

Abin ya fi bayyana idan aka jera harbe-harbe. A ce mai wasa ya tsara zagayensa a kan harbi huɗu, kowanne kashi 75, kuma shirin ba zai yi ba sai dukkansu sun samu. Kowanne a kan kansa yana da kyau. Amma damar su samu gaba ɗaya ita ce a ninka 0.75 sau huɗu, wato kimanin kashi 32. Ma'ana, sau biyu cikin uku shirin zai rushe, alhali mai wasa bai ga lambar da ta gaza 75 a allonsa ba. Haka nan harbin kashi 95: wanda ya yi shi sau ashirin yana da damar kusan kashi 64 ta ganin aƙalla ɗaya ya kuskure. Wasa guda daga farko zuwa ƙarshe yana ɗauke da ɗaruruwan harbi, don haka abin da ake kira baƙon lamari wajibi ne ya faru, kuma fiye da sau ɗaya.

Kuskure biyu a jere shi ne ya fi harzuƙa mutane. A harbin kashi 85, damar a kuskure biyu da aka ware a jere ba ta wuce kashi 2.25 ba, kuma wanda abin ya same shi yakan kawo wannan lamba a matsayin hujja. Sai dai tambayar da ta dace ita ce, a cikin harbi ɗari irin wannan, mene ne damar a ga kuskure biyu a jere a wani wuri? Amsar ta haura kashi 85. Rashin ganinsa ne ma zai zama abin mamaki.

Sannan akwai batun abin da ƙwaƙwalwa ke riƙewa. Harbi goma sha bakwai da suka samu kamar yadda aka zata ba sa barin tabo. Ukun da suka kuskure, musamman idan ɗaya ya jawo mutuwar soja, su ne ake ba da labarinsu. A waɗannan wasanni sojan da ya mutu yakan tafi ke nan, da sunan da aka raɗa masa da ƙwarewar da ya tara. Masana halayyar ɗan Adam Daniel Kahneman da Amos Tversky sun bayyana tun 1979 cewa zafin asara ya fi daɗin riba mai girma ɗaya da ita. A ɗaya ɓangaren kuma, idan mai wasa ya yi harbin kashi 25 ya samu, ba ya cewa na'ura ta yi masa alfarma. Gwanintarsa ce. Idan abokin gaba ne ya samu da kashi 25 ɗin, an cuce shi.

Sid Meier, wanda ya ƙirƙiri jerin wasannin Civilization, ya ba da labarin irin wannan a taron masu haɗa wasanni na GDC a 2010. Lokacin da ake gwada Civilization Revolution, masu gwaji sun riƙa ƙorafi idan suka sha kashi a yaƙin da aka nuna musu suna da rinjayen uku bisa ɗaya, duk da cewa lissafi ya nuna za a sha kashin sau ɗaya cikin huɗu. Idan kuwa su ne marasa rinjayen suka yi nasara, ba su ga laifin komai ba. Ƙarshe sai aka gyara lissafin domin ya dace da abin da mutane ke ji, har aka sa wasan ya riƙa la'akari da sakamakon yaƙin baya. Civilization ba wasan ƙananan runduna ba ne irin XCOM, amma matsalar ɗaya ce, kuma maganin da aka yi mata shi ne wanda wasu suka bi.

Takarda biyu maimakon ɗaya

Mafi tsaftar misali na gyaran lamba yana cikin Fire Emblem, jerin wasannin takobi da mashi na kamfanin Intelligent Systems na Japan, waɗanda Nintendo ke fitarwa. Matakin farko a nan ma tarawa da ɗebewa ne. A The Blazing Blade na 2003, ana ɗaukar makin makami, a ƙara ninkin ƙwarewar mayaƙi, a ƙara rabin makin sa'arsa. Daga ciki sai a ɗebe makin gocewar abokin gaba, wato ninkin saurinsa, da makin sa'arsa, da abin da wurin da yake tsaye ya ba shi. Takobin ƙarfe yana da 90. Mayaƙi mai ƙwarewa 7 da sa'a 4 zai tara 90 da 14 da 2, wato 106. Abokin gaba mai sauri 6 da sa'a 4, yana tsaye a kurmi mai ba da 20, yana da 36. Idan babu wani ƙari daga fifikon makami a kan makami, allo zai nuna 70.

Amma daga The Binding Blade na 2002 har zuwa Awakening na 2012, wasan ba takarda ɗaya yake zarowa ba. Biyu yake zarowa, ya haɗa su, ya raba biyu, sannan ya gwada sakamakon da lambar allo.

```
(a + b) / 2 < lambar allo
```

Wannan ƙaramin sauyi yana da babban tasiri, kuma duk wanda ya taɓa jefa ƙwayar ludo biyu ya san dalili. Jimilla 7 tana fitowa ta hanyoyi shida, 12 kuwa ta hanya ɗaya tak. Haka yake a nan: idan aka haɗa lambobi biyu aka raba, sakamakon yakan taru a tsakiya, wajen 50, kuma da wuya ya kai can sama ko can ƙasa. Kafin saran kashi 70 ya kuskure, sai jimillar takardun biyu ta kai 140. A cikin hanyoyi 10,000 da takardu biyu za su iya haɗuwa, 1,770 ne kawai ke kai wannan. Saboda haka 70 ɗin da mayaƙin can ya gani, a zahiri 82.3 ce. Ta wannan lissafi 80 tana zama 92.2, 90 kuma 98.1. A ƙasan 50 abin yana juyawa: 30 tana komawa 18.3, 20 tana komawa 8.2. Ita 50 kusan ba ta motsi.

Dokar ɗaya ce ga ɓangarorin biyu, don haka a takarda babu son kai. A aikace kuwa mai wasa ne ke cin moriyarta, domin shi ne yake zaɓen saran da ke da babbar lamba, kuma shi ne yake ajiye mayaƙansa masu sauri a kurmi inda abokan gaba ke ganin ƙaramar lamba. Manyan lambobinsa sun ƙara girma, ƙananan na abokan gaba sun ƙara ƙanƙancewa. Wasan bai faɗa wa kowa wannan a allo ba. Masu wasa ne suka bi diddigin lambobin suka tono shi, suka sa masa suna True Hit.

Illarsa tana bayyana daga baya. Wanda ya shafe shekaru yana ganin 80 tana aiki kamar 92 ya koyi ma'anar 80 ta ƙarya, kuma ranar da ya koma wasan da ke zaro takarda ɗaya, shi ne na farko da zai rantse cewa ana masa maguɗi.

Taimakon da XCOM 2 ke ɓoyewa

XCOM 2 ya bi wata hanya dabam. Takarda ɗaya yake zarowa, amma yana taɓa lambar da ake gwada takardar da ita, kuma ga mai wasa kaɗai. Wannan ba jita-jita ba ce, domin dokokin suna rubuce a fayilolin saitin wasan, waɗanda masu yi masa kwaskwarima suka buɗe suka karanta, kuma jagoran tsara wasan, Jake Solomon, ya yi magana a fili a kan cewa ana tallafa wa mai wasa a matakai masu sauƙi.

Wasan yana da matakan wahala huɗu: Rookie, Veteran, Commander da Legend. A biyun farko ana ninka damar mai wasa da ɗan ƙari a ɓoye, ta yadda 65 a allo za ta haura 70 a ciki. Idan ya kuskure harbin da damarsa ta kai rabi ko fiye, harbi na gaba yana samun ƙarin maki, kuma ƙarin yana taruwa idan kuskuren ya ci gaba. A mataki mafi sauƙi, idan abokan gaba suka yi ta samun sojojinsa a jere, ana rage musu nasu saitin. Akwai iyaka ga tallafin, ba ya kai harbi ga tabbas. A Legend kuwa an cire shi duka, lambar allo ita ce lambar ciki.

Wato a nan ƙwaryar tana tunawa. Tunanin nan da masana lissafi ke kira kuskuren ɗan caca, cewa wanda ya faɗi sau biyu lokacin cinsa ya yi, a wannan wasa an mayar da shi doka. Abin lura shi ne, duk da wannan tallafi, XCOM 2 bai tsira daga zargin maguɗi ba. Har yau harbin kashi 95 da ya kuskure shi ne abin barkwancin da aka fi sanin jerin da shi.

Ana iya ganin hikimar masu tsarawa, domin nishaɗi suke sayarwa. Amma akwai farashi. Wasan dabara ya ginu ne a kan cewa mai wasa yana yanke shawara bisa bayanin da aka ba shi. Idan harbi na biyu bayan kuskure ya fi abin da aka nuna kyau, to wanda ya san sirrin yana da makamin da wanda ya amince da allo ba shi da shi.

Wasu masu tsarawa sun guje wa matsalar daga tushe. Mario + Rabbids Kingdom Battle na 2017 ya taƙaita damar harbi zuwa uku: sifili, 50 ko 100. Babu 85 da za ta yi kama da alkawari. Into the Breach na 2018 ya cire kuskuren harbi gaba ɗaya, har yana nuna wa mai wasa inda abokan gaba za su kai hari kafin su kai.

Yadda ake gane gaskiyar wasa

Tunawa ba hujja ba ce, sai an rubuta. Hanyar ita ce a rubuta kowane harbi, da lambar da aka nuna da abin da ya faru, ba waɗanda suka ɓata rai kawai ba, sannan a tara masu lamba ɗaya ko makusanciya wuri guda. Yawan da ake buƙata ya fi yadda ake zato. A harbi ɗari na kashi 70 na gaskiya, samun nasara tsakanin 61 da 79 abu ne na yau da kullum, don haka wanda ya ƙirga 64 bai kama kowa ba. Giɓi mai faɗi irin na Fire Emblem, tsakanin 70 da 82, yana iya fara bayyana a harbi ɗari ko ɗari biyu. Bambancin maki biyar kuwa sai an tara ɗaruruwa. Dole kuma a ware harbin mai wasa da na abokan gaba, a ware matakan wahala, kuma kada a ƙirga harbin da aka maimaita bayan komawa baya, tunda yana iya zama takarda ɗaya ce.

A fagen wasan kansa, ƙwararru sukan bar tambayar ko harbin zai samu, su koma kan abin da zai biyo baya idan bai samu ba. A koma ga abokin gaban nan da ke bayan gajeriyar katanga, da sababbin sojoji biyu a gabansa. Idan duka biyun suka harba da 45, damar aƙalla ɗaya ya samu kusan kashi 70 ce, kuma sau uku cikin goma zai fita babu ko ƙwarzane. Idan kuwa na farko ya jefa gurneti, wanda a XCOM 2 ba ya kuskure, ya raunata shi tabbas, yawanci kuma ya rusa katangar, sai na biyu ya harba da 65 a kan wanda ya riga ya ji rauni kuma ba shi da mafaka. Tsarin umarni ma yana da tasiri: ana fara yin harbin da ba shi da tabbas tun akwai sauran sojojin da ba su motsa ba, a ajiye gurneti ko wani hari mai tabbas a hannun na ƙarshe, domin idan 85 ta kuskure a samu mai rufe ƙofa kafin zagayen abokan gaba ya zo.